Sharhi: Sirrin koke a wurin aiki, wa ya kamata ya ji, kuma har ina?

Ma'aikacin da ya kai koke ofishin shugabansa, a kamfani ne ko a ƙungiya mai zaman kanta, galibi da magana ɗaya ake sallamarsa: a bar zancen nan tsakaninmu, kada kowa ya ji. Ba a faɗa masa su wane ne "kowa" ba. Matarsa na ciki? Abokin aikin da abin ya faru a kan idonsa fa? Wakilin ma'aikata, wanda aka zaɓa domin irin wannan rana? Saboda ba a fayyace ba, masu koke kan rabu gida biyu. Wasu su yi gum har su rasa mai taimaka masu, wasu kuma haushi ya ɗebe su su zazzage komai a fada da zaurukan WhatsApp, daga nan a mance da abin da aka yi masu a koma tuhumarsu da ɓata suna. Duka biyun mai laifi ne ke cin riba.

Sirri a lokacin koke yana da amfani na gaske, kuma mai koke ne ya fi kowa cin moriyarsa. Amma abu ne da ake aunawa. Kowane mutum ana ba shi gwargwadon abin da aikinsa a cikin maganar ke buƙata, kuma rabon shaida daban yake da na iyali, na iyali daban da na wakili. Shugaban da ya ce a yi shiru ba tare da ya yi wannan rabo ba, ko dai bai san aikinsa ba, ko kuwa sunan kamfani yake karewa.

A ɗauki misali, domin a ga yadda abin ke tafiya. Wata matashiya ce ke riƙe da kuɗin ciniki a wani kamfanin sayar da kaya a Maraɗi mai ma'aikata kamar 30. Shugaban sashenta ya ɗauki watanni yana aiko mata da saƙonni cikin dare, da ta ƙi kula shi sai ya fara nuna mata cewa sabunta kwangilarta a hannunsa yake. Tana da saƙonnin a salularta. Mai kula da sito ya taɓa ganin an kira ta ofis bayan an tashi aiki, ta fito tana kuka. Akwai kuma wata abokiyar aiki da ta faɗa wa abin da ya faru a ranar. Doka tana bayanta: kundin dokar ƙwadago na Nijar, wato doka mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, ya haramta a aya ta 45 amfani da muƙami wajen matsa wa wani don neman lalata a wurin aiki, kuma kundin hukunta laifuka ya mayar da hakan laifi. Ta rubuta kokenta, ta miƙa wa darakta, ta karɓi kwafi mai hatimi da kwanan wata. Daga wannan lokaci kowace kalma da ta fita daga bakinta tana iya ƙarfafa koken ko ta rushe shi.

Abu na farko da ya kamata a gaya mata shi ne gaskiyar da ba a son faɗa: wanda ta kai ƙara zai sani. Ba yadda za a yi a hukunta mutum ba a sanar da shi abin da ake zarginsa da shi ba, kuma a irin wannan koke, faɗin rana da wuri daidai yake da faɗin sunan mai koke. Jami'in da ya ce mata "ba wanda zai ji" ya yi alkawarin da ba zai iya cikawa ba. Abin da za a iya yi mata alkawari shi ne a taƙaita masu gani: wanda ke bincike, wanda zai yanke hukunci, wanda ake zargi, sai shaidu, kowa a kan ɓangarensa. Tana da damar ta tambayi sunayen waɗannan mutane tun ranar farko, ta kuma tambayi inda za a ajiye takardar. Koken da aka bari a kan teburin sakatariya cikin sauran wasiƙu ya gama zagaya kamfani kafin azahar.

Wajen shaidu ne aka fi yin ɓarna, kuma da kyakkyawar niyya ake yin ta. Matashiyar nan za ta so ta kira mai kula da sito da ƙawarta su zauna, ta ba su labari daga farko har ƙarshe, ta nuna masu saƙonnin, su tuna wa juna ranaku. A ganinta shiri ne. A idon mai bincike kuwa haɗa baki ne. Darajar shaida tana cikin cewa abin da ya gani daban ya zo daidai da abin da ita ta faɗa daban. Da zarar sun zauna tare, wannan daraja ta tafi, ko da kowannensu gaskiya yake faɗa.

Kuma ana ganewa. Mai binciken da ya san aikinsa zai lura idan mutum biyu suka yi amfani da kalmomi iri ɗaya wajen bayyana abu, ko suka yi kuskure iri ɗaya a kwanan wata. Zai lura idan mai kula da sito, wanda iyakacinsa ƙofar ofis, ya fara ba da labarin abin da aka faɗa a ciki. Tambaya ɗaya ta isa: a ina ka ji wannan? Idan amsar ita ce "ita ta gaya mini shekaranjiya", shaidarsa ta koma maimaicin maganarta, kuma wanda ake zargi ya samu abin riƙewa. Har abin da ya gani da idonsa, wato fitowarta tana kuka, zai shiga cikin shakka.

Abin da ya halatta ta faɗa wa shaida kaɗan ne, kuma ya isa. Ta ce masa ta kai koke, ta ambaci sunansa a matsayin wanda yake wurin a rana kaza, mai yiwuwa a kira shi, kuma abin da take roƙo shi ne ya faɗi abin da ya gani kawai. Gara ma ta nemi yardarsa kafin ta rubuta sunansa, domin shi ma yana da abincin da yake karewa. Ba ta nuna masa takardar koken, ba ta gaya masa abin da ɗayar shaidar za ta ce, ba ta tura masa saƙonnin. Ƙawar da ta faɗa wa tun ranar da abin ya faru matsayinta daban ne: ba ta ga komai ba, amma tana iya tabbatar da cewa maganar ba yau aka ƙirƙire ta ba. Wannan shaida ce mai nauyi, muddin ba a yi ta ƙara mata sabon bayani har ta kasa rarrabe abin da ta ji a ranar da abin da ta ji daga baya ba.

Maganar tura saƙonni tana buƙatar a tsaya a kanta. Saƙon da aka tura wa wani a WhatsApp yana isa da alamar `Transféré` a kansa, ba ya ɗauke da sunan wanda ya fara aiko shi ko lokacin da ya aiko. A matsayin hujja bai kai na asali ba, a matsayin tsegumi kuwa ya fi na asali gudu. Hujjar tana cikin salular da saƙon ya fara sauka, da lambar mai aikowa da ranar a jiki. Abin da ya kamace ta shi ne kada ta goge komai, har da amsoshinta da take jin kunyarsu, ta ɗauki hoton hirar ta adana a wuri na biyu, ta nuna wa mai bincike da wakilinta kawai.

Wannan ƙa'ida ta shaidu ta hau kan wanda ake zargi ma, har ta fi. Shi ne mai muƙami, kuma "ina so mu gaisa" daga bakinsa zuwa ga mai kula da sito ba gaisuwa ba ce. Kamfanin da ya ce wa mai koke ta yi shiru amma ya bar shugaban sashe yana zagaya shaidu ɗaya bayan ɗaya ya riga ya zaɓi ɓangare.

Sai iyali. A nan ne umarnin "kada kowa ya ji" ya fi zama zalunci, domin bai san ƙasar da yake ba. Matar aure a Maraɗi ko Damagaram da ta ɓoye wa mijinta irin wannan magana, ya zo ya ji ta a bakin wani, ta shiga matsalar da ta fi ta wurin aiki girma, kuma shirun da aka sa ta yi shi ne za a fassara da rashin gaskiya. Budurwa ma haka take da iyayenta. Babu wani shugaban kamfani da ke da hurumin raba mutum da mahaifiyarsa a lokacin da yake cikin damuwa. Ta faɗa masu. Ta faɗa masu abin da aka yi mata, da cewa ta kai koke, da matakin da ake ciki.

Abin da ba na iyali ba shi ne takardu, da hotunan saƙonni, da sunayen shaidu, da abin da aka faɗa a zaman bincike. Dalilin ba rashin yarda ba ne. Iyali suna son mutum, kuma mai so ba ya iya zama ya naɗe hannu. Wani kawu zai ɗauki dattawa biyu su je gidan wanda ake zargi a sasanta, a ce a rufa wa juna asiri, washegari kamfani ya ce ai magana ta mutu a gida. Wani ƙane zai tare mutumin a bakin titi, a wayi gari akwai ƙara a ofishin ƴan sanda, amma a kan danginta. Saboda haka faɗa wa iyali yana tafiya da roƙo guda biyu a bayyane: kada kowa ya tuntuɓi mutumin ko danginsa, kada kowa ya rubuta komai a waje. Ya fi sauƙi idan mutum ɗaya ko biyu aka zaɓa, maimakon zauren dangi mai mutum 60.

Ƴan uwa da ke zaune a waje su ne ya kamata su fi jin wannan. Yayan da ke Abidjan ko Brussels ko Kano, ransa ya ɓaci, yana ganin taimako ne ya ɗora hoton mutumin a Facebook da sunan kamfani, ko ya saki saƙon murya ya ce a yaɗa. Shi yana nesa. Ƙanwarsa ce ke nan, kuma daga salularta hotunan suka fito. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2019, mai lamba 2019-33, ta tanadi hukunci kan ɓata suna ta hanyar sadarwar zamani. An cire ɗauri daga cikinta a 2022, sannan dokar da aka sa wa hannu a watan Yunin 2024 ta dawo da shi: shekara 1 zuwa 3 a gidan kaso, da tarar miliyan 1 zuwa 5 na sefa. Kai koke ga wanda ke da hurumin saurarensa abu ne daban da shelanta zargi ga duniya, kuma doka ba ta ɗauke su ɗaya ba. Mai gaskiya a na farko yana iya zama wanda ake tuhuma a na biyu. Idan ɗan uwa na waje yana son ya taimaka, kuɗin lauya ya fi rubutu amfani nesa ba kusa ba.

Wakilin ma'aikata, wanda aka fi sani da delege, shi ne akasin shaida: shi ana ba shi komai. Doka ta tanadi zaɓen waɗannan wakilai a ma'aikatun da ke da ma'aikata fiye da 10, aikinsu ya haɗa da gabatar wa shugaban ma'aikata koken mutum ɗaya ko na jama'a da kuma kai magana gaban sufeton ƙwadago, kuma ba a korarsu sai an bi ta hannun sufeton. Wannan kariya ce ke ba shi bakin da matashiyar ba ta da shi. Ba zai iya tsaya mata ba idan rabin labari ya sani, don haka har abin da ba ya yi mata daɗi, kamar gargaɗin da aka taɓa rubuta mata kan makara ko giɓin da aka taɓa samu a lissafinta, gara ya ji daga bakinta kafin ya ji daga bakin darakta. Duk takardar da kamfani ya ba ta ta sa hannu, wadda ta hana ta magana da wakili ko ƙungiyarta ta ƙwadago, takarda ce da ke neman soke abin da doka ta bayar.

Sai dai delege abokin aiki ne, ba lauya ba. Lauya da likita doka ta ɗora masu sirrin sana'a. Shi kuwa delege yana shan shayi da kowa, mai yiwuwa garinsu ɗaya da wanda ake zargi, mai yiwuwa ma shi wancan ya riga ya je wurinsa neman taimako. Saboda haka akwai tambayoyin da ake yi kafin a buɗe baki: shin ɗaya ɓangaren ya tuntuɓe ka? Wa za ka faɗa wa a cikin ƙungiya? Za ka ambaci sunana a zamanku da darakta ba da izinina ba? Wakili ɗaya ba ya tsaya wa mai koke da wanda ake zargi a magana ɗaya. Idan ba ta natsu da shi ba, tana iya zuwa wurin wani wakilin, ko ta wuce ofishin uwar ƙungiya, USTN ce ko CDTN ko wadda take ciki. Su ma ƙungiyoyin akwai gyara a gabansu. Koken mutum ɗaya ba kayan jawabin babban taro ba ne, kuma shugaban ƙungiyar da ya karanta shi a gaban ƴan jarida don ya matsa wa kamfani, ba da yardar mai shi ba, ya yi amfani da ita kamar yadda wancan ya so yi.

Akwai iyaka ɗaya ko a wajen wakili. Abin da za ta miƙa masa nata ne: kwangilarta, takardun albashinta, saƙonnin da aka aiko mata, wasiƙun da aka rubuta mata. A matsayinta na mai riƙe kuɗi tana ganin littattafan ciniki, da sunayen masu bashi, da albashin wasu. Ɗaukar hotonsu don a nuna cewa mutumin dama ba shi da gaskiya a wasu wurare kyauta ce ga kamfanin da ke neman dalilin korarta. Bayanan mutane suna da dokar da ke kare su, ta 2022, da hukumar da ke sa ido a kai, wato HAPDP. Idan akwai takardar kamfani da ke da muhimmanci ga koken, sai a faɗi sunanta a nemi mai bincike ko sufeto ya buƙace ta.

Shi sufeton ƙwadago yana da nasa sirrin, kuma mutane kan fahimce shi a baibai. Yarjejeniya ta 81 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Nijar ta amince da ita, ta wajabta wa sufeto ɓoye tushen duk koken da ya sanar da shi an karya doka, har ma kada ya nuna wa mai kamfani cewa koke ne ya kawo shi. Wannan yana aiki sosai idan matsalar ta kowa ce, kamar rashin biyan kuɗin ƙarin lokaci ko rashin yi wa ma'aikata rajista a asusun CNSS, domin sufeto na iya zuwa ya duba littattafai ba tare da an san wanda ya kira shi ba. Amma idan matashiyar ta nemi ya sasanta rikicinta da kamfani, dole a kira ɓangarorin biyu su zauna, kuma sunanta ne a kan takardar gayyata. Gara ta san wace ƙofa take bugawa kafin ta buga.

Ta yaya ake bambance sirri na gaskiya da ƙulle baki? Ana duba ko ya hau kan kowa ko kan mai koke kaɗai, ko yana da wa'adi, wato har zuwa ƙarshen bincike, ko kuwa na har abada ne, da kuma ko ya bar ƙofa a buɗe zuwa ga wakili, lauya, likita, sufeto, ƴan sanda da makusantan iyali. Idan aka haɗa shi da barazana, ko da kuɗi a ambulan da takardar ajiye aiki, to sunansa ya canza. Yarjejeniya ta 190 ta 2019, kan cin zarafi a wurin aiki, ta haɗa abubuwan biyu a wuri ɗaya: a kare sirrin waɗanda abin ya shafa gwargwadon iko, a kuma tabbatar ba a yi amfani da sirrin ta mummunar hanya ba. Rabi na biyun ne aka fi mantawa.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar doka. Takarda ce mai shafi ɗaya, cikin Faransanci da Hausa da Zabarmanci, da ma'aikatar ƙwadago da ƙungiyoyi za su iya tsarawa tare, a miƙa wa mai koke da wanda ake zargi da kowane shaida a ranar farko: ga waɗanda za su ga koken, ga waɗanda aka halatta a yi magana da su, ga abin da aka hana, ga ranar da ake sa ran kammalawa. Ranar kammalawar ba ƙawa ba ce. Binciken da ya shige wata uku ba labari shi da kansa yake haifar da tsegumi, kuma ba adalci ba ne a ce wa mutum ya yi shiru alhali su masu binciken sun yi barci.

Idan kamfani ya gaza, matashiyar tana da kotun ƙwadago, inda shari'a kyauta ce kuma wakilin ƙungiya na iya raka ta. Ya kamata wakilinta ya gaya mata tun da wuri cewa zaman sasantawa ne kaɗai ake yi a keɓe. Idan sulhu bai yiwu ba aka shiga shari'a, a bainar jama'a ake yin ta, za a karanta saƙonnin, za a kira mai kula da sito da sunansa, kuma lauyan ɗaya ɓangaren zai tambaye shi ko sun taɓa tattauna maganar da ita kafin yau.